Folda ta ce Access denied: karɓe mallaka ne magani, ko gyara izini?

Mutum ya buɗe folda a kan kwamfutarsa, ko a kan faifan ajiyar da ya ciro daga tsohuwar laftof ɗinsa, sai Windows ta tare shi da Access is denied. Takardun nasa ne, shi ya rubuta su, kuma asusun da ya shiga da shi na mai gudanarwa ne. To wa ya hana shi, kuma da wace hujja? In ka kai wannan ƙorafi shagunan gyara a Adum da ke Kumasi, amsar da aka fi bayarwa gajeruwa ce: a karɓe mallakar foldar, shi ke nan. Wani lokaci hakan na aiki. Wani lokaci a karɓe, ƙofar ta ci gaba da zama a rufe. Akwai kuma lokacin da karɓewar ce ke jawo ɓarnar da ta fi matsalar farko.

Maganar ta ƙaru a bakin mutane tun da Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka ana ta sauya na'ura, ana sake ɗora Windows, ana ciro faifai daga wannan a jona wa waccan. Duk inda faifai ya bar kwamfutar da aka cika shi a kanta, akwai yiwuwar a ci karo da wannan saƙo.

## Abu biyu ne a rubuce a jikin kowace folda

Faifan da Windows ke zaune a kansa yana amfani da tsarin NTFS. A wannan tsari, kowane fayil da kowace folda na ɗauke da bayanin tsaro nata na kanta, kuma abu biyu ne suka shafe mu a cikinsa. Na farko sunan mai ita, wanda allo ke kira Owner. Na biyu jerin izini, wato layi-layi na wanda aka yarda wa da abin da aka yarda ya yi: wane ya karanta kawai, wane ya karanta ya gyara, wane yana da Full control.

Idan ka danna folda don ka buɗe, jerin izinin Windows ke dubawa. Ba ta tambayar ko kai ne mai ita. Kasancewarka mai ita abu biyu kawai yake ba ka kai tsaye: ka iya ganin jerin izinin, ka kuma iya sauya shi. Bai ba ka karanta ko fayil ɗaya ba. Misalinsa mai gidan haya ne a zango: gidan nasa ne, yana da ikon ya kira kafinta ya sauya kwaɗon ɗaki, amma kafin a sauya, makullin ɗakin ba ya aljihunsa. Shi ya sa mutum zai karɓe mallaka, ya ga sunansa a gaban Owner, ya koma ya danna foldar ta sake korarsa. Ya samu ikon gyara jerin ne, bai gyara shi ba tukuna.

Daga nan bambancin ya fito fili. Gyara izini shi ne ƙara layi, cire layi ko sauya layi a cikin jerin, kuma shi ne ke buɗe ƙofa. Karɓe mallaka hanya ce ta samun damar yin wannan gyara a lokacin da jerin bai ba ka damar ba. Windows ta ba rukunin Administrators wata alfarma ta musamman mai suna Take ownership of files or other objects, wadda ke aiki ko da jerin ya hana su komai, don kada a wayi gari da foldar da babu mai iya taɓa ta har abada. Idan kuwa jerin ya riga ya ba ka damar gyara shi, karɓe mallaka aikin banza ne.

## Windows lamba ta sani

Dalilin da ya sa faifanka ke ƙin ka a sabuwar kwamfuta shi ne, abin da aka rubuta a jerin izini lamba ce mai tsawo da ake kira SID, sunan da kake gani ado ne da allo ke nuna maka. Kana iya ganin taka da wannan umarni a Command Prompt:

```
whoami /user
```

Lambar asusun mutum tana farawa da S-1-5-21, sai gungun lambobi uku da suka keɓanta da wannan Windows ɗin da aka ɗora, sai gajeriyar lamba a ƙarshe, sau da yawa 1001 ga asusun farko. Duk lokacin da aka sake ɗora Windows daga tushe, gungun ukun nan na tsakiya sababbi ne. Saboda haka ko ka sa wa sabon asusu suna iri ɗaya da tsohon, da kalmar sirri iri ɗaya, a wajen Windows baƙo ne. Idan ka duba jerin izinin tsohuwar foldar za ka ga layi mai Account Unknown tare da doguwar lamba. Wannan tsohon asusunka ne, sabuwar kwamfutar ce ba ta san mai lambar ba.

Akwai wasu lambobin da ba sa sauyawa ko'ina. Rukunin Administrators lambarsa S-1-5-32-544 ce a kan kowace Windows a duniya, SYSTEM kuma S-1-5-18. Wannan ƙaramin bayani shi ne ke warware rabin matsalar, kamar yadda za a gani.

## Faifan shagon buga takardu

A ɗauka wani shagon buga takardu ne a Aboabo, laftof ɗinsa ta ƙi tashi bayan wuta ta yi ta ɗaukewa tana dawowa. An ciro faifan, an sa shi a ɗan akwatin USB, an jona wa wata kwamfuta, ya bayyana a matsayin E:. Sunan tsohon asusun Shago, kuma duk aikin kwastomomi, katunan biki da takardun neman aiki da rasit, suna cikin E:\Users\Shago. An danna foldar, sai saƙo ya fito: You don't currently have permission to access this folder, da maɓallin Continue a ƙasa.

Kafin a taɓa komai, a duba. A nemo Command Prompt, a danna shi da maɓallin dama, a zaɓi Run as administrator, sannan a rubuta:

```
icacls "E:\Users\Shago"
```

Wannan umarni ba ya sauya komai, karantowa kawai yake yi. A foldar asusu da ba a taɓa ba, abin da zai fito kusan haka ne:

```
NT AUTHORITY\SYSTEM:(OI)(CI)(F)
BUILTIN\Administrators:(OI)(CI)(F)
S-1-5-21-...-1001:(OI)(CI)(F)
```

Harafin F cikakken iko ne. OI da CI na nufin fayiloli da ƙananan foldoji da ke ciki za su gaji wannan layi. Layi na uku tsohon asusun shagon ne. Layi na biyu shi ne abin lura: Administrators na da cikakken iko, kuma tunda lambar rukunin ɗaya ce a ko'ina, mai gudanarwar sabuwar kwamfutar ma yana ciki. Wato izini na nan tun farko. A cikin wannan baƙar tagar, in ka rubuta `dir "E:\Users\Shago"` za ka ga duk abin da ke ciki ya jeru.

To me ya sa File Explorer ya ƙi? Tun daga Windows Vista, mai gudanarwa yana shiga ne da matsayi biyu. Ayyukan yau da kullum, har da File Explorer, suna tafiya da ƙaramin matsayin, wanda ba a lissafa masa izinin da aka ba Administrators. Babban matsayin ba ya aiki sai an nemi hakan an kuma amince, kamar yadda aka yi da Run as administrator. File Explorer ya duba jerin da ƙaramin matsayi, bai ga sunanka a kan kansa ba, sai ya tsaya.

Maɓallin Continue gyaran izini ne zalla. In ka danna, Windows ta ara babban matsayin ta ƙara layi ɗaya, asusunka da cikakken iko, sannan ta bi duk abin da ke ƙarƙashin foldar ta isar masa da gadon. Ba ta sauya mai foldar ba, ba ta goge layin tsohon asusu ba. Layin da ta ƙara na dindindin ne, ba ya tafiya in ka rufe tagar. Idan foldar na da fayiloli dubbai, kuma faifan mai juyawa ne a kan USB, abin na ɗaukar lokaci, za ka ga koren layi yana rarrafe a saman taga kamar ya tsaya. A bar shi ya gama. In aka katse shi a tsakiya, wasu fayilolin sun samu layin wasu ba su samu ba, sai a yi ta mamakin foldar da rabinta ke buɗewa.

Ni dai ga faifan da aka ciro daga na'urar da ta mutu, ko Continue ban fi so ba. Ba ka san lafiyar faifan ba, kuma duk gyaran izini rubutu ne a kansa. Abin da mai shagon ke buƙata takardunsa ne su koma wuri mai aminci, kuma akwai hanyar kwafe su ba tare da sauya izinin komai a kan tsohon faifan ba:

```
robocopy "E:\Users\Shago\Documents" "D:\Ceto\Documents" /e /b /xj /r:1 /w:1
```

Shi ma a baƙar tagar mai gudanarwa ake yinsa. Alamar /e ta haɗa da duk ƙananan foldoji. Alamar /b ita ce zuciyar umarnin: tana amfani da alfarmar da Windows ta ba masu gudanarwa don ɗaukar kwafin ajiya, wadda ke karanta fayil ba tare da la'akari da jerin izini ba. Alamar /xj tana tsallake wasu hanyoyin ratse da za a yi bayaninsu a gaba. Biyun ƙarshe suna cewa in fayil ya ƙi, a sake gwadawa sau ɗaya bayan daƙiƙa ɗaya a wuce. Kada a manta da su, domin in ba a sa ba, robocopy zai yi ta gwada fayil ɗaya har sau miliyan, yana jiran daƙiƙa 30 tsakani.

Kwafin da ya sauka a D:\Ceto ba ya zuwa da tsohon jerin izini. Sabon fayil ne, yana gadar izinin foldar da ya sauka a ciki, don haka yana buɗewa ba gardama. In a kan filash mai tsarin FAT32 ko exFAT aka sauke shi, can babu ma jerin izini gaba ɗaya, shi ya sa ba ka ganin shafin Security a kan irin waɗannan filash.

## Inda karɓe mallaka ya zama dole

A ɗauka a cikin Documents akwai wata folda, Lissafi, wadda mai shagon ya taɓa killacewa don kada yaran shago su leƙa. Ya yanke gadon da take samu daga sama, ya cire kowa daga jerin, har da Administrators, ya bar asusunsa kaɗai. Kwafin robocopy da /b zai ɗauko ta duk da haka. Amma in ana so a ci gaba da aiki da ita a inda take, a nan ne labari ya sauya. Umarnin icacls da kansa zai ce Access is denied, domin ko karanta jerin ba a ba ka ba. File Explorer zai ce You have been denied permission to access this folder. In ka shiga Properties, Security, Advanced, a gaban Owner za ka iya ganin Unable to display current owner. Waɗannan su ne alamomin cewa babu layin da ya shafe ka, kuma ba ka da ikon ƙara shi. Mai wannan ikon kaɗai shi ne tsohon asusu, shi kuma ba ya nan.

Aikin mataki biyu ne, kuma ba a tsallake na biyu. A shafin Advanced ɗin, danna Change a gaban Owner, rubuta Administrators ko sunan asusunka, danna Check Names don a tabbatar Windows ta gane shi, sai OK. Sa alama a Replace owner on subcontainers and objects, in ba haka ba foldar sama kaɗai ka karɓe, abin da ke cikinta na nan a hannun tsohon mai shi. Wanda ya manta wannan alamar shi ne ke cin karo da Failed to enumerate objects in the container daga baya. Danna Apply, ka rufe duk tagogin Properties, ka sake buɗewa, domin sai an sake buɗewa allon ke gane sabon matsayinka. Yanzu mataki na biyu: Security, Edit, Add, sa sunan asusunka, ba shi Modify ko Full control.

Da umarni, ga su:

```
takeown /f "E:\Users\Shago\Documents\Lissafi" /a /r /d y
icacls "E:\Users\Shago\Documents\Lissafi" /grant "%USERNAME%:(OI)(CI)F"
```

Layin farko ya mayar da mallaka, /a ya ba rukunin Administrators maimakon mutum ɗaya, /r ya shiga har ciki. Layi na biyu shi ne ya buɗe ƙofa. A Command Prompt ake rubuta shi, domin PowerShell ba ya karanta %USERNAME% haka.

Akwai abin da ya kamata a sani game da /d y. Don a karɓe abin da ke cikin folda, dole a iya ganin abin da ke cikinta. Idan Windows ta iso foldar da ba ka da izinin lissafa kayanta, takan tsaya ta tambaya ko ta maye gurbin izinin foldar da wanda zai ba ka cikakken iko. A allo ma haka tambayar ke fitowa, har da gargaɗin All permissions will be replaced if you press Yes. Sa /d y amsa e ce tun kafin a tambaya. A irin waɗannan foldoji, tsohon jerin ya tafi, har da layin tsohon asusu. In faifan ba zai koma tsohuwar laftof ba, babu asara. In kuwa an gyara laftof ɗin aka mayar da faifan, mai shagon zai shiga da asusunsa na asali ya tarar Lissafi ba ta san shi ba. Wannan shi ne babban bambanci a aikace: ƙara layi ba ya ƙwace wa kowa komai, maye gurbin jeri yana ƙwacewa.

Idan bayan matakan biyu wasu fayilolin ciki suka ci gaba da ƙi, to su ma an yanke musu gado ne, layin da ka ƙara a sama bai iso gare su ba. Akwai akwati a ƙasan shafin Advanced, Replace all child object permission entries with inheritable permission entries from this object, wanda ke share jerin duk abin da ke ciki ya mayar da su kan gado. Yana da kyau a kan folda ɗaya ta takardu irin Lissafi. Haka nan a duba ko akwai layin Deny. Hanin da aka rubuta a jikin foldar kanta yana rinjayar duk wata yarda, kuma in an rubuta shi kan Everyone ko Users, kai ma kana ciki ko da kai ne mai foldar. Ba a rufe shi da ƙarin yarda, cire shi ake yi.

## Masu cewa a karɓe duka, da abin da ke biyo baya

Hujjar masu gyaran da ke karɓe faifai ɗungurungum ba ta banza ba ce. Kwastoma na tsaye, shago cike, umarni biyu a kan E:\ gaba ɗaya sun fi sauri kan bin folda ɗaya-ɗaya, kuma in faifan na ajiyar hotuna da takardu ne kawai, ba Windows a kansa, yana da lafiya, kuma ba zai koma ko'ina ba, da wuya a ga illa. Matsalar ita ce hannu ya saba, sai a yi wa C: abin da aka yi wa E:.

Yawancin fayilolin da ke C:\Windows da manyan foldojin Program Files mallakar wani asusun hidima ne mai suna TrustedInstaller, wanda Windows ke amfani da shi wajen sabunta kanta. A kan fayilolin tsarin, Administrators izinin karanta su da kunna su kawai aka ba su. Da gangan aka yi haka, don kada manhajar da ta samu matsayin mai gudanarwa ta sauya su cikin sauƙi. Saƙon You require permission from TrustedInstaller alamar kariya ce mai aiki. Wanda ya karɓe waɗannan ya kuma maye gurbin jerinsu ya cire kariyar, kuma sau da yawa illar ba ta bayyana a ranar. Daga baya ne sabuntawa za ta ƙi shiga, ko manhajojin Microsoft Store su daina buɗewa, musamman in an taɓa C:\Program Files\WindowsApps, wadda ke da layukan izini na musamman da ba a iya sake rubuta su da hannu cikin sauƙi. Babu maɓallin da ke mayar da dubban jeri daban-daban yadda suke. In ɓarnar ta yi faɗi, abin da ya rage shi ne a sake ɗora Windows.

In dole ta sa aka taɓa fayil ɗaya na tsarin, a mayar da izininsa yadda yake tukuna, sannan a mayar da mallakar:

```
icacls "C:\hanyar\fayil" /setowner "NT SERVICE\TrustedInstaller"
```

Foldar Windows.old, wadda mutane da yawa ke kokawa da ita don su samu wuri, ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan. Disk Cleanup na share ta ta hanyar Previous Windows installation(s), kuma Windows kan share ta da kanta kwana 10 bayan sabuntawar.

Akwai kuma wasu da kullum ke cewa Access is denied alhali babu komai a cikinsu. C:\Documents and Settings, da Application Data, da My Documents da ake gani a cikin foldar asusu idan an kunna nuna ɓoyayyun fayilolin tsari, hanyoyin ratse ne da aka bari don tsofaffin manhajojin zamanin Windows XP, suna nuni zuwa ainihin wuraren. An sa musu layin Deny na hana lissafa kaya da gangan. Ɗaya daga cikinsu, Application Data da ke cikin AppData\Local, tana nuni ne ga foldar da ita kanta ke ciki. In aka share hanin, misali da maye gurbin izinin duk foldar asusu, manhajar kwafi za ta shiga ta, ta sake tarar da ita a ciki, ta sake shiga, har sunan hanya ya yi tsawon da ya wuce kima ko faifan da ake kwafewa ya cika. Amfanin /xj ke nan a umarnin da ya gabata.

## Ƙofofin da mallaka da izini ba sa buɗewa

Wani lokaci komai na jerin daidai ne: kai ne mai fayil, kana da Full control, foldar na buɗewa, sunayen fayiloli na bayyana, amma in ka danna fayil ko ka yi ƙoƙarin kwafe shi sai Access is denied. A nan a yi zargin EFS, wato an ɓoye abin da ke cikin fayil ɗin da makullin sirri. Ana gane shi da ɗan hoton kwaɗo a jikin fayil, ko a Properties, General, Advanced, inda za a ga alama a kan Encrypt contents to secure data. Makullin yana cikin tsohon asusu, kalmar sirrin asusun ce ke tsare shi. Mallaka ba ta kai can. Hanya mafi sauƙi ita ce a tayar da tsohuwar Windows ɗin daga faifan, a shiga da ainihin kalmar sirrin, a cire ɓoyon kafin a kwafe, ko a yi amfani da kwafin makullin in an taɓa ajiye shi. A nan akwai kuskure mai tsada: in mai gyara ya goge ko ya sauya kalmar sirrin tsohon asusun da ƙarfi don ya shiga, asusun zai buɗe amma ba zai iya buɗe makullin ba, sai an mayar da tsohuwar kalmar. Haka kuma kada a yi wa tsohon faifan fomat kafin a tabbatar fayilolin da aka kwafe suna buɗewa.

BitLocker kuma faifan gaba ɗaya yake kullewa, ba a ma kai ga ganin folda. Abin da ake nema makullin ceto ne mai lambobi 48, wanda galibi ke ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Sababbin laftof da yawa suna zuwa da wannan kulli a kunne ba tare da mai su ya lura ba, don haka yana da kyau mutum ya nemo lambobin nan ya rubuta tun na'urar na da rai.

Sai faifan da ke mutuwa. In saƙon ya koma The file or directory is corrupted and unreadable, ko Data error (cyclic redundancy check), ko faifan na ƙara ƙas-ƙas, ko yana ɓacewa yana dawowa, ba maganar izini ake ba. Sakin takeown /r a kansa tilasta masa rubutu ne a kan bayanin kowane fayil, a lokacin da ɗan ƙarfin da ya rage masa ya kamata ya tafi wajen karatu. A kwafe mafi muhimmanci tukuna, takardu kafin bidiyo.

## Abin da wannan ke nufi ga mai kwamfuta

Duk abin da aka bayyana a sama yana da ɗaya fuskar. Idan umarni ɗaya ya isa mai shagon Aboabo ya ceto takardunsa, umarni ɗaya ya isa duk wanda faifan ya faɗa hannunsa ya karanta su. Jerin izini yana tsare folda ne tsakanin masu amfani da Windows ɗaya da ke kunne, muddin ba masu gudanarwa ba ne. Shi ya sa killace Lissafi daga yaran shago ba ya aiki sai asusunsu ya zama na Standard, domin yaron da ke da asusun mai gudanarwa zai karɓe foldar cikin minti ɗaya. In ya karɓe ta, sunan Owner zai sauya, kuma `dir /q` na nuna wannan sunan a gefen kowane fayil.

Wanda zai sayar da tsohuwar laftof, ko ya bar ta a shagon gyara kwana biyu, kada ya dogara da kalmar sirrin shiga ko da izinin folda. In akwai hoton Ghana Card, takardun banki ko bayanan kwastomomi a ciki, a kwashe su tukuna, ko a tabbatar BitLocker na kunne. In sayarwa ce, a yi Reset this PC da Remove everything, a shiga Change settings a kunna Clean data, domin gogewa kawai tana barin bayanan a inda manhajar ceto za ta iya tono su. Mai gyara kuma, kafin ya sa hannu a izinin faifan kwastoma, ya tambaye shi abu biyu: faifan zai koma tsohuwar na'urar, kuma yana tuna kalmar sirrin tsohon asusun?